Igwa a Bayan Doki: Yadda Ake Ritsa Janar a Darar Sin

A wasan Xiangqi, darar da Sinawa ke bugawa a gidajen shayi da bakin titi da wuraren shan iska, akwai ƴaƴa biyu da kowannensu ke da tawaya idan yana shi kaɗai. Igwa ba ta iya ci sai da wani ɗa a tsakaninta da abin da ta nufa. Doki kuwa ba ya iya tafiya idan an tsaya masa a ƙafa. Idan aka haɗa su, doki ya zama madogarar da igwa ke harbi ta kansa, a lokaci guda kuma ya tsare ƙofofin da janar zai bi ya tsere. Sinawa na kiran wannan kisa ma hou pao, wato igwa a bayan doki, kuma yana cikin hanyoyin kisa na farko da ake koya wa mai koyo. Sai dai duk ginin ya rataya ne a kan gurbi ɗaya tak, gurbin da ke jikin ƙafar dokin. Wanda bai saba duba wannan gurbi ba zai riƙa ganin kisa a inda babu shi.

Allo da ƴaƴansa

Allon yana da layukan tsaye 9 da layukan kwance 10. Ana ajiye ƴaƴa a mahaɗar layukan, ba cikin akwatunan da ke tsakaninsu ba, saboda haka gurabe 90 ne. Kowane ɓangare, Ja da Baƙi, yana da ƴaƴa 16: janar ɗaya, dogarai biyu, giwaye biyu, dawakai biyu, karusai biyu, igwa biyu da sojoji biyar. Ja ne ke fara taku. Wasan ya samu siffarsa ta yau tun zamanin daular Song ta Kudu, wadda ta yi mulki daga 1127 zuwa 1279, kuma baya ga Sin ana buga shi sosai a Biyetnam.

Sinawa na ƙirga layukan tsaye daga 1 zuwa 9, kowa daga damansa. Don sauƙi, a nan za a sa musu haruffa daga a zuwa i, daga hagun Ja zuwa damansa, layukan kwance kuma daga 1 a gefen Ja zuwa 10 a gefen Baƙi. Kogi ya raba allon tsakanin layi na 5 da na 6. Janar na Ja yana farawa a e1, na Baƙi a e10. Mai karatu zai fi jin daɗin bayanin idan ya zana allon a takarda ya samu tsakuwa ko murafun kwalba ya riƙa matsar da su.

Janar yana zaune cikin fada, wuri mai gurabe tara. Fadar Baƙi ta kama daga layin d zuwa f, daga layi na 8 zuwa na 10. Janar yana taku ɗaya ne, gaba ko baya ko gefe, kuma ba ya fita daga fada ko da wuta ta kama. Dogari ma ba ya fita, yana taku ɗaya a karkace, don haka gurabe biyar kawai dogarin Baƙi ke iya takawa: d10, f10, e9, d8 da f8. Giwa tana taku biyu a karkace, ba ta ƙetare kogi, gurabenta bakwai: c10, g10, a8, e8, i8, c6 da g6. Karusa tana tafiya a miƙe iya nisan da hanya ta buɗe, tana ci kamar yadda take tafiya. Akwai kuma doka cewa janar biyu ba za su fuskanci juna a layin tsaye ɗaya ba tare da wani ɗa a tsakaninsu ba. Waɗannan gurabe na dogari da giwa sun cancanci a haddace su, domin su ne ke nuna inda masu tsaron fada ba za su taɓa kai ɗauki ba.

Harbin igwa da ƙafar doki

Igwa tana tafiya kamar karusa, amma cinta daban ne. Dole a samu ɗa guda ɗaya, nata ko na abokin gaba, a tsakaninta da wanda za ta ci. Wannan ɗa shi ne madogara. Idan babu kowa a tsakani, igwa ba ta da haƙori. Idan biyu ne a tsakani, nan ma ba ta da shi. Daga nan ake gane hanyoyin kare kai daga igwa: a janye madogarar idan ta mai karewa ce, ko a cusa wani ɗa na biyu cikin layin, ko a ci igwar ko madogarar. Akwai wani abu da mai koyo kan manta, wato igwa ba ta kare madogararta. Idan karusar abokin gaba ta ci dokin da igwa ta dogara a kansa, karusar ta tsaya gaban igwar ke nan babu kowa a tsakani, kuma igwar ba za ta iya ramawa ba.

Doki yana taku ɗaya a miƙe, sannan ɗaya a karkace zuwa waje. Ba ya tsallake kowa. Gurbin takunsa na farko shi ake kira ƙafa, kuma idan wani ɗa yana tsaye a wurin, nasa ko na abokin gaba, dokin ba zai bi ta wannan ɓangare ba. Kamar dabbar da aka yi wa dabaibayi ne, ƙarfinta yana nan amma ba ta zuwa ko'ina. A ɗauki doki a e5. Ƙafafunsa huɗu su ne e6, e4, d5 da f5. Ta e6 yake zuwa d7 da f7, ta e4 yake zuwa d3 da f3, ta d5 yake zuwa c6 da c4, ta f5 yake zuwa g6 da g4. Kowace ƙafa tana buɗe gurabe biyu, don haka ɗa ɗaya da ya tsaya a ƙafa ya rufe gurabe biyu lokaci guda. Dokin da ke gefen allo, a a5 misali, gurabe huɗu kawai yake da su ko da babu wanda ya tare shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman ƙafar a kusa da inda dokin zai sauka. Ƙafa tana jikin inda dokin yake tsaye ne, a ɓangaren da tafiyar ta fi tsawo. Wannan yana haifar da abin da ke ba baƙon wasan mamaki: doki biyu na iya zama a nisan cin juna, ɗaya ya ci, ɗayan ya kasa. Dokin Ja a e5 da dokin Baƙi a f7 suna kallon juna. Ƙafar na Ja e6 ce, ƙafar na Baƙi f6 ce. Idan soja yana tsaye a e6, dokin Ja ya ɗaure, na Baƙi kuwa zai ci shi hankali kwance.

Tun daga takun farko na wasa wannan lissafi yake aiki. Dokin Ja da ya fito daga b1 zuwa c3 yana da sojansa a c4, daidai kan ƙafarsa ta gaba, don haka ba zai je b5 ko d5 ba sai an tura sojan zuwa c5. Buɗewar da ta fi shahara ita ce Ja ya kai igwa daga h3 zuwa e3, ta dogara da sojan e4 ta nufi sojan Baƙi na e7, Baƙi kuma ya amsa da doki daga h10 zuwa g8, wanda ke kare e7 ta ƙafar f8. Littafin Juzhongmi na Zhu Jinzhen, wanda ya fito a 1632, ya yi fice wajen bayanin farmakin igwar tsakiya, Meihuapu na Wang Zaiyue kuma, na farkon daular Qing, ya yi fice wajen nuna yadda dawakai biyu ke tare wannan igwa.

Siffar kisan

Siffar igwa a bayan doki ita ce janar da doki da igwa su jeru a layi ɗaya, da gurbi ɗaya wofi tsakanin janar da doki, igwa kuma a bayan dokin. Igwa tana harbi ta kan doki. Idan janar ya matsa gaba ko baya cikin layin, harbin yana nan, domin har yanzu doki kaɗai ne a tsakani. Idan ya so kaucewa gefe, guraben gefen biyu su ne daidai waɗanda dokin ke kaiwa ta ƙafarsa ta gaba. Wannan ƙafa ita ce gurbin wofin da ke tsakaninsa da janar.

A nan ne ƙarfin siffar yake, a nan ne kuma rauninta. Duk ɗan da mai karewa ya iya jefawa cikin wannan gurbi ya yi aiki biyu da taku ɗaya: ya zama na biyu a layin igwa, harbi ya mutu, ya kuma dabaibaye dokin, ƙofofin gefe sun buɗe. Shi ya sa ba kowane layi ne ya dace da kisan ba. A layin tsakiya, da janar a e10, doki a e8, igwa a e6, hoton yana da kyau a ido, amma gurbin wofin e9 ne, kuma e9 gidan dogari ne. Dogarin d10 ko na f10 zai shiga kawai. Ƙari a kan haka, e8 gidan giwa ne, giwar c10 ko ta g10 za ta ci dokin. A layin d, da janar a d10 da doki a d8, gurbin wofin d9 ne, wanda dogari da giwa ba sa takawa, amma dogarin da ke e9 yana cin d8.

Layin kwance na 9 shi ne wurin da masu tsaron fada ba su da ta cewa. Guraben a9, b9, c9 da d9 babu ko ɗaya da dogari ko giwa ke iya kaiwa. Sojoji ba sa komawa baya. Saura karusa da doki da igwa na mai karewa, kuma idan waɗannan sun yi nisa wajen neman farmaki, fadar da ke da dogarai biyu da giwaye biyu cif tana iya faɗuwa da taku biyu.

Misali guda, taku bayan taku

A jera allon haka. Ja yana da janar a e1, dogari a e2, doki a b7, igwa a a4, kuma babu kowa a layin a daga a5 zuwa a10. Baƙi yana da janar a e10, dogarai a d10 da f10, giwaye a c10 da g10, karusa a h3. Takun Ja ne.

Ja yana duba c9. Daga b7 zuwa c9 tafiyar ta fi tsawo ta gaba, don haka ƙafar b8 ce, kuma wofi take. Ko da akwai wani ɗa a c8 ko c7, ba ruwan wannan taku da shi. Doki ya sauka a c9. Wannan gurbi, da takwaransa g9 a ɗaya gefen, sananne ne a wurin ƴan wasa, suna ce wa dokin da ya zauna a ciki wo cao ma. Daga c9 dokin yana kai wa e10 ta ƙafar d9, wato ya yi wa janar barazana. Da a ce karusar Baƙi tana gidanta na a10, da dokin ya haɗa da ita ta ƙafar b9, janar ya gudu, a ci karusa.

Baƙi yana da hanyoyi uku a ƙa'ida: ya ci dokin, ya toshe d9, ko ya matsar da janar. Babu mai kai wa c9. Dogarin d10 yana tafiya a karkace ne, ba zai sauka d9 ba, kuma shigarsa e9 ba ta taɓa ƙafar dokin. Karusar h3 ba ta isa d9 da taku ɗaya. Janar ba zai je d10 ko f10 ba, dogaransa sun cika wuraren. Saura e9, dole ya sauko.

Yanzu doki yana c9, janar yana e9, gurbi ɗaya wofi tsakaninsu. Ja ya tura igwa daga a4 zuwa a9. Igwa ta dogara da doki ta harbi janar. Idan janar ya je d9 ko f9 yana cikin layin harbi. Idan ya koma e10 ko ya sauka e8, doki yana kai wa duka biyun ta d9. Babu ɗan Baƙi da zai shiga d9 ko b9, babu mai cin doki ko igwa. Giwa na iya zuwa e8 ko a8, amma ba ta sauya komai a layi na 9. Wasa ya ƙare, alhali Baƙi bai rasa dogari ko giwa ko ɗaya ba.

Amfanin misalin yana fitowa ne idan aka ɗan matsar da ɗa guda aka sake bugawa. A mayar da karusar Baƙi d3 maimakon h3, layin d a buɗe. Doki ya shiga c9 kamar da, sai karusa ta sauko daga d3 har d9. Barazana ta ɗauke, domin an tsaya wa doki a ƙafa, kuma karusar tana gefen dokin tana shirin cin sa. A nan mai koyo kan tura igwa a9, yana murna ta nufi karusar ta kan doki. Takun Baƙi ne, karusa ta ci doki a c9, igwa ta rasa madogara, ba ta da ramuwa. Abin da ya rage wa Ja bayan karusa ta shiga d9 shi ne ya janye dokinsa ta ƙafar c8 ko ta b9, ya haƙura da farmakin. Ke nan tambayar da ake yi kafin a shiga c9 ita ce ko akwai ɗan Baƙi da zai isa d9 da taku ɗaya, ta layin d ko ta layi na 9.

A sake jerawa, a sa igwar Baƙi a b8, wanda ma shi ne gidanta tun farkon wasa. Ba ta kai wa kowa hari, amma tana tsaye a ƙafar dokin b7, c9 ta rufe. Dokin na iya bi ta ƙafar c7 ya shiga d8, kusurwar fada, inda zai yi barazana ga e10 ta d9. Janar ya sauko e9, amma yanzu doki yana layi na 8, janar yana na 9, igwar a9 ba za ta samu madogara ba. An yi barazana, ba a yi kisa ba. Ɗan da ke zaune shiru a gidansa ya isa ya ɓata lissafin duka.

Wurin da igwa ta tsaya ma yana da nasa hukunci. Igwa a a9 ta bar gurbin b9 tsakaninta da doki. Idan karusar Baƙi tana b3, to bayan doki ya bar b7 layin b ya buɗe mata, kuma za ta amsa harbin da shiga b9. Biyu ke nan a tsakanin igwa da janar, karusar kuma tana kallon igwa a hagu da doki a dama. Ja yana da mafita: doki ya koma d7, igwa ta dogara da karusar Baƙi ta sake harbi, dokin ma yana kai wa e9 ta ƙafar d8. Amma janar zai koma e10, wanda dokin d7 ba ya kaiwa, kisan kuma ya kuɓuce. Inda hanya ta ba da dama, igwar da ta manne a bayan doki ta fi, domin ba ta bar wurin cusa kowa. Farashinta shi ne ita kanta ta tsaya wa dokin a ƙafar baya, wanda ba komai ba ne idan takun kisa ne, amma babbar matsala ce idan lissafin bai cika ba kuma dokin yana bukatar ja da baya.

Nisan doki daga janar

Gurbi ɗaya wofi shi ne ma'auni, ba a ƙarawa ba a ragewa. A koma misalin farko, amma a ɗauke dogarin d10 a sa shi e9. Doki ya shiga c9, janar ya kauce d10. Ja ya tura igwa a10, ta dogara da giwar c10 ta harbi janar. Baƙi na iya janye giwar, ko janar ya sauko d9. A ce ya sauko. Yanzu yana manne da doki, kuma ba zai iya cin sa ba tunda c9 wajen fada take. Ja ya dawo da igwa a9, ga janar da doki da igwa a layi ɗaya, kamar dai siffar da ake nema. Amma dokin c9 yana tsare e10 da e8 ne, ba d10 da d8 ba, don haka janar ya koma d10. Idan dokin ya yi nisa da gurabe biyu wofi ma haka abin yake, guraben da yake kaiwa ba su ne ƙofofin janar ba.

Mai farmaki ba zai kuma riƙa kai da kawo tsakanin a9 da a10 don neman canjaras ba. Dokar wasan ta hana barazana marar yankewa ga janar. Wanda ya yi ta maimaita ta dole ya sauya taku, in ya ƙi ya sha kashi. Wannan doka ita ke sa ƙwararru ba sa kashe barazanarsu a banza. Sau da yawa takun da ya fi kyau shi ne na shiru, a kai igwa layin da ake so tukuna, ko a tilasta wa karusar Baƙi barin layin d, sannan doki ya shiga.

Barazana biyu da taku ɗaya

Akwai wata hanya da igwa da doki ke haɗa kai, inda dokin ke fita daga layin maimakon ya zauna a ciki. A ce igwar Ja tana e5, dokinsa yana e8, janar ɗinsa yana d1 da layin d a buɗe. Baƙi yana da janar a e10, dogarai a e9 da f10, ba shi da giwa. Tsakanin igwa da janar akwai doki da dogari, biyu ke nan, babu harbi. Dogarin e9 ba shi da ikon motsawa, domin da zarar ya tashi doki ya zama madogara guda. Sai doki ya bi ta ƙafar d8 ya shiga c9. Yanzu igwa tana harbi ta kan dogarin Baƙi, doki kuma yana kai wa e10 ta d9. Idan dogari ya janye, dokin yana nan. Idan wani ya toshe d9, igwar tana nan. Janar ba zai je f10 ba saboda dogarinsa, ba zai je d10 ba saboda zai fuskanci janar na Ja. Kisa ne.

Ko a nan ƙafar doki tana da magana. Da a ce karusa ce a e9 ba dogari ba, da ta matsa d9 ta warware duka biyun: ta bar layin igwa babu madogara, ta kuma tsaya a ƙafar doki. Dogari ya kasa ne kawai saboda ba ya tafiya a miƙe. Saboda haka bai isa a ƙirga ƴaƴan da ke kewaye da janar ba, sai an san irin tafiyar kowannensu.

Abin da mai karewa ke lura da shi

Daga ɓangaren Baƙi, alamar haɗari tana bayyana taku ɗaya ko biyu kafin barazanar farko. Doki yana shiga c9 daga b7 ko a8 ta ƙafar b8, ko daga d7 ko e8 ta ƙafar d8. Waɗannan guraben tashi huɗu ta ƙafafu biyu kawai suke bi. Ɗa a b8 yana rufe biyun farko, ɗa a d8 yana rufe biyun ƙarshe, kuma d8 gidan dogari ne, don haka dogarin e9 da ya sauka can yakan isa ya tsayar da dokin d7. A ɗaya gefen lissafin ɗaya ne, g9 ana shigarsa ta h8 ko ta f8. Toshe ƙafa tun doki bai iso ba ya fi arha a kan toshe d9 bayan ya iso, domin a karo na biyu ɗan da ya toshe yakan zama a ɗaure, idan ya tashi barazana ta dawo.

Ba kowane ɗa ne ya dace da aikin toshewa ba. Karusa ta fi kowa, saboda tana tsayawa a ƙafa tana kuma barazanar cin dokin da ke gefenta. Igwa tana toshewa amma ba ta cin wanda ke manne da ita. Soja mai arha ne, kuma ɓangaren da ya sa soja ɗaya ya ɗaure doki ya ci riba. Sai dai duk ɗan da aka ajiye kusa da janar yana iya zama madogara ga igwar abokin gaba, kamar yadda dogarin e9 ya zama a misalin baya.

Darajar igwa da doki tana sauyawa yayin da allo ke raguwa. A lissafin da aka saba koyarwa, karusa tana da maki 9, igwa 4.5, doki 4. A farkon wasa allo cike yake, madogara ko'ina, ƙafafun doki kuma a toshe, don haka igwa ta fi amfani. Zuwa ƙarshe hanyoyi sun buɗe, doki yana yawo yadda ya so, igwa kuwa tana neman madogara ba ta samu. Wannan ne ya sa ƴan wasa da yawa suka fi son su shiga ƙarshen wasa da doki ɗaya da igwa ɗaya a kan igwa biyu, kuma mai igwa yakan adana dogarinsa ko da ɗaya ne, domin igwar na iya komawa gida ta dogara da shi ta harbi layin tsakiya daga nesa, doki ya samu damar aiki a bakin fadar abokin gaba ba tare da an ɗaure shi a matsayin madogara ba.